An fasa auren ƙawata saura sati biyar, yaya zan duba ta ban zama mai bin diddigi ba?

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don kwana tara ke nan abin yana cina. Ina da ƙawa tun muna sakandare, ba zan kama suna ba. An sa mata rana, an kai lefe, an buga kati, saura sati biyar a ɗaura aure aka ce an fasa. Ban ji daga bakinta ba, ƙanwarta ce ta kira ni da daddare ta ce "Anti, maganar bikin nan babu." Iyakar abin da na sani ke nan.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shi ne wanda zai aure ta abokin maigidana ne, a gidanmu ma suka fara haɗuwa ranar sunan 'yan biyuna. Kuma ni ce babbar ƙawa, kuɗin anko na mutum goma sha huɗu yana hannuna, wasu har an kai musu ɗinki. Tun ranar wayata ba ta huta ba, kowa tambayarsa "me ya faru?" Na kira ta sau uku ba ta ɗauka ba. Na tura "ƙawata lafiya kuwa? Me ya faru?" ta buɗe ba ta amsa ba. In na je gidansu ina tsoron ta ɗauka gulma ta kawo ni, ko maigidana ne ya turo ni in jiyo masa. In na yi shiru kuma ina tsoron ta ce na guje ta a ranar da ta fi buƙatata. Don Allah wanda ya san kan irin wannan ya faɗa min.

Autar Hajiya: Wa alaikumus salam. Anti ni dai ban ga abin tunani a nan ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki shirya ki je, ki nuna mata kina bayanta ɗari bisa ɗari, ki ce mata Allah ne ya raba ta da wahala. Namijin da zai bari a buga kati sannan ya janye ba abin a yi kuka a kansa ba ne.

Maman Biyu: Auta, ai matsalar ke nan, ban san wa ya janye ba. Ko shi ne, ko ita ce, ko manya ne suka saɓa.

Ɗan Fagge: In saki ɗaya ne ai da sauƙi. Ta zauna a ɗakinta ta yi idda, Suratuɗ Ɗalaƙ ma ta hana a fitar da ita. Kafin tsarki uku ya cika sau da yawa zuciya ta sauko an yi kome.

Malama Ta Islamiyya: Malam Ɗan Fagge, a sake duba saƙon. Ba a ɗaura aure ba, rana aka sa. Sa rana alkawari ne, ba aure ba, don haka babu saki babu idda. Amma akwai abu ɗaya cikin maganarka da ya shafi nan: ƙofar komawa a buɗe take. An sha fasa aure manya su zauna a sake sa wata ranar.

Ɗan Fagge: Haka ne Malama, da sauri na karanta. A yi min afuwa.

Anti Bazazzagiya: Maman Biyu, bari in ɗan tsawaita, don na ga irin wannan a gidanmu har sau biyu, ɗaya ma a kan 'yar da na goya.

Fara da saƙon da kika tura. Da zuciya ɗaya kika rubuta shi, na sani, amma "me ya faru?" bashi ne kika ɗora mata. Kafin ta amsa sai ta zaɓi abin da za ta faɗa da wanda za ta ɓoye, sai ta tuna cewa mijinki abokinsa ne, sai ta auna ko maganar za ta tsaya a wajenki. Yarinyar da ba ta iya cin abinci ba za ta iya wannan lissafin ba, shi ya sa ta buɗe ta ajiye. Kuma ki sani irin wannan saƙon ta samu ya fi hamsin, naki ya shige cikinsu.

Ki sake tura wani wanda babu alamar tambaya a cikinsa ko ɗaya. Misali: "Ƙawata, na ji. Ba sai kin amsa ba, kuma ba zan tambaye ki komai ba. Gobe bayan la'asar zan biyo in gaida Mama in kawo miki kunu. In ba kya son ganin kowa zan ajiye in tafi." Kin ga abin da wannan ya yi? Ya gaya mata kin sani, don kada ta sha wahalar sanar da ke. Ya sauke mata nauyin amsa. Ya faɗi rana da lokaci, saɓanin "in kina buƙatar wani abu ki faɗa min" da kowa ke cewa, wanda babu mai baƙin cikin da ke ɗaukar waya ta ce ga buƙatata. Sannan ya bar mata hanyar ƙin ganinki ba tare da kunya ba.

In kin je, ki fara da mahaifiyarta kamar yadda kika saba, ki gaishe ta, ki ce "Allah ya sa haka shi ya fi alheri," ki tsaya nan. Iyaye mata a irin wannan lokacin cike suke, da kin ba da fuska za ta zazzage miki komai, kuma ɗiyar tana ɗaki tana ji. Daga ranar ta san kin sani ta bakin da ba nata ba. In Mama ta fara, ki ce "Mama bari in leƙa ta tukuna," ki miƙe.

A ɗakin kada ki wuce rabin awa a zuwan farko. Ki ajiye wayarki cikin jaka. In ta yi shiru ki yi shiru, ki ninke kayan da ke kan gado, ki zuba mata kunun a kofi. 'Yar tamu da aka fasa nata, ƙawar da ta fi yi mata amfani wata ce da ke zuwa duk Laraba ta tsefe mata kai ta yi mata kitso. Sati uku tana zuwa ba ta ce uffan kan maganar ba. A zuwa na huɗu, tana tsakar kitson, ba sa ma kallon juna, yarinyar ta buɗe baki da kanta.

Autar Hajiya: Anti na ji, amma wallahi in ni ce aka zo aka zauna min shiru ba a zagi wanda ya ɓata min ba, sai in ga kamar ba a damu ba ne. Ko ma ana bayansa.

'Yar Maraɗi: Auta ki bar ni in ba ki nawa, don ni aka yi wa. Shekara shida ke nan. Namu ya lalace saura kwana ashirin, kan maganar inda za mu zauna, shi yana son gidansu ni iyayena sun ce sai an ware. Ƙawata ta kusa ta zo ta zauna bakin gado ta wanke shi tas. Ta ce dama ba ta taɓa sonsa ba, ta ce marowaci ne, ta ce akwai wadda ta taɓa ganinsa da ita a kasuwa. A daren na ji sanyi, ba zan ɓoye ba. Da safe kuma sai na tashi da wani sabon ciwo: ashe duk shekara biyun nan tana kallona a matsayin wawuya tana yi min dariyar fuska? Bayan wata huɗu kawunnaina da nasa suka zauna aka daidaita. Yau 'ya'yanmu biyu. Ita kuwa ko sunan fari ba ta iya zuwa ba, don ta san abin da ta faɗa, ni ma na sani. Ban yi faɗa da ita ba, zumuncin ne ya mutu da kansa. Magana zarar bunu ce.

Wadda ke cikin wannan halin yau tana zaginsa, gobe tana kukan kewarsa, jibi tana duba ko ya sa sabon hoto. In kin bi ta kan zagin yau, gobe ba za ta iya kuka a gabanki ba.

Autar Hajiya: To in ita ce ta fara zaginsa fa? In ce mata ta yi haƙuri mutumin kirki ne?

Anti Bazazzagiya: A'a, wannan ma ɗaukar ɓangare ne, nasa kika ɗauka. Ki amsa ciwon, ki bar hukuncin. In ta ce "ya wulaƙanta ni a idon duniya," ki ce "wallahi da ciwo, kati ya riga ya fita, dole ki ji haka." Ba ki ce ya kyauta ba, ba ki ce mugu ne ba, kuma ta ji kina tare da ita. Kasancewa tare da mutum daban, yanke wa abokin rigimarsa hukunci daban.

Akwai kalmomin da ni na daina faɗa a satin farko duk da gaskiya ne: "wani hanin ga Allah baiwa ne," "matar mutum kabarinsa," "za ki samu wanda ya fi shi." Lokacinsu zai zo, kuma sau da yawa ita za ta faɗe su da bakinta. In kika riga ta, abin da take ji shi ne ki share hawaye kin ishe mu.

Malama Ta Islamiyya: Ina tare da Anti, sai dai kan tuna wa mutum ƙaddara ba zan ce a jinkirta shi gaba ɗaya ba. Addu'a gajera ba ta yi wa kowa nauyi: "Allah ya sanyaya miki, ya zaɓa miki mafi alheri." Abin da ke nauyi shi ne wa'azin rabin awa a kan wadda ba ta yi barci ba.

Kan bin diddigi kuwa, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa abu uku a jere: yawan zato, binciken sirrin mutane, da giba. A irin wannan lamarin haka suke zuwa, ɗaya na jan ɗaya. Ki yi zaton shi ne, ki bincika wajen ƙanwarta don ki tabbatar, ki ƙare da ba wa wata labari. Maman Biyu, ƙanwar nan da ta kira ki, kada ki mayar da ita 'yar rahoto. Ki tambaye ta "ta ci abinci? Tana barci?" ya isa. Wannan tambayar lafiya ce, ba ta sirri ba.

Kunun da Anti ta ambata ma yana da asali. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, takan sa a dama talbina ga mai baƙin ciki, wani kunu ne na garin sha'ir, ta ruwaito cewa yana kwantar da zuciyar mara lafiya yana rage wani abu na baƙin ciki. Yana cikin Bukhari.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. To maganar maigidana fa? Jiya ya dawo daga wajen abokin, na ga alama ya san komai. Ya fara cewa "ai in kin ji abin da ya faru," na ce masa ina zuwa, na shige kicin. Raina yana son ji, ba zan yi ƙarya ba.

Baban Khalifa: Hajiya, gara da kika shige kicin. Ni namiji ne, kuma na taɓa zama a kujerar maigidanki. Abin da ya sani rabin labari ne, na bakin abokinsa. In ya ba ki, za ki shiga ɗakin ƙawarki da wannan rabin a kanki, kuma labarin zuciya a tambayi fuska, za ta gane. Ni da uwargidana abin da muka yi shi ne muka yi magana a fili: abin da abokina ya gaya min ya tsaya wajena, abin da ƙawarta ta gaya mata ya tsaya wajenta, ba ma haɗa su a kan tabarmar cin abinci. Da wuya, don mun saba ba ma ɓoye wa juna komai, amma wannan ba sirrinmu ba ne, amana ce ta wasu.

Kuma don Allah a tuna shi ma ana duba shi. Mu maza ba a zuwa mana da kunu. Abokai sai dai su ce "share kawai, mata sun yi yawa a gari," a wuce. Nawa abokin wata biyu yana zuwa shago yana zama kamar lafiya, ashe ko gidan da ya kama ya yi wa fenti ba ya iya bi ta layin. Abin da na yi masa shi ne ina biya masa mu tafi sallar isha'i, mu tsaya wajen mai shayi, mu yi hirar ƙwallo. Ran da ya so ya yi magana ya yi.

Ɗan Fagge: Amma in kowa ya ce ba ruwansa, wa zai yi sulhu? Maman Biyu da maigidanta su ne suka haɗa su, su ya fi dacewa su shiga tsakani. Gyara tsakanin mutane ai lada ne babba.

Anti Bazazzagiya: Lada ne, amma ba kowa ke da wuƙar yanka a kowace magana ba. Auren da ya kai ga sa rana ya fita daga hannun saurayi da budurwa da abokansu, ya koma hannun waliyyai. Su suka karɓi kuɗin gaisuwa, su suka sa rana, su za su san yadda za a yi da lefe. In ƙawa ta fara kai saƙo, "ya ce in gaya miki," "ta ce in gaya maka," kalma ɗaya ta karkace an samu wanda za a ɗora wa laifi. In ita yarinyar da bakinta ta ce tana son a gyara, sai Maman Biyu ta ce mata "wa kike ganin zai iya yi wa Baba magana?" ta raka ta wajen gwaggo ko kawu. Iyakarta ke nan.

Ɗan Fagge: Ban gamsu duka ba. Wani lokacin manyan ne suka ɓata, yaran na son juna, kuma babu mai gaya wa manya gaskiya sai na waje.

Malama Ta Islamiyya: Akwai irin wannan, Malam. Amma ko a nan sai ɗayansu ya nema. Tunda an taɓo lefe, Maman Biyu ki kiyayi wannan maganar musamman, don a nan ake gane wa ya janye. Abin da malamanmu na Malikiyya suka fi tafiya a kai shi ne in namiji ne ya fasa ba ya karɓar kyautar da ya bayar, in ɓangaren mace ne yana da damar karɓa, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. To kin ga tambayar "an mayar da akwatunan?" daidai take da "laifin wa?" Mutane na yin ta suna ganin tambaya ce mara nauyi.

Maman Biyu: Wallahi da na yi ta, don tana raina. To kuɗin anko da masu kirana?

Anti Bazazzagiya: Wannan shi ne aikin da za ki ɗauke mata ba tare da kin san sirrin komai ba. Amma ki nemi izininta da jimla ɗaya: "Maganar anko ki bar min, zan sallami kowa, kin yarda?" Kai kawai za ta gyaɗa. Sai ki rubuta a zauren ƙawayen sau ɗaya: an ɗage biki, wadda ba a yanka nata ba za a mayar mata da kuɗinta, wadda aka ɗinka ta riƙe kayanta, a taya mu da addu'a, don Allah kada a kira ta yanzu. Ki ce "an ɗage" ko "an fasa," duk wanda gidansu ke faɗa, kada ki ƙirƙiro naki. Mai tambayar dalili ki ce "ban tambaya ba." Kin ga amfanin rashin sanin? Gaskiya kike faɗa, ba mai matsa miki.

Nas Mai Dare: Ina karantawa tun ɗazu, yanzu na samu sarari. Duk abin da aka faɗa na yarda, amma kada kawaici ya wuce gona da iri. Rashin tambayar me ya raba su daidai ne. Rashin tambayar halin da jikinta da ranta ke ciki kuskure ne. Kuka, rashin cin abinci da rashin barci a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Abin da muke dubawa shi ne in an haura sati biyu kusan kullum tana cikin ƙunci, ba abin da ke mata daɗi, ba ta wanka, ta daina fita aiki ko makaranta, tana ramewa. Nan ya kamata a ga likita, kuma ba sai an ce "asibitin mahaukata" ba, wannan kalmar ke korar mutane. Asibitin koyarwa na Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, ko likitan asibitin kusa ma zai iya dubawa ya tura.

In kuwa kika ji kalma irin "gara in mutu in huta" ko "na zame wa kowa kaya," kada ki ce mata "haba, daina faɗa" ki wuce. Ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ta ce e, ba a barinta ita kaɗai, a kawar da magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a gaya wa babba a gidan a ranar, ko da ta ce amana ce. Haka in ya fito cewa ana yi mata barazana, ko ana cewa za a watsa hotunanta. Wannan ya wuce maganar ɓangare.

Autar Hajiya: To a nan dai an yarda a ɗau ɓangare.

Nas Mai Dare: A nan kare ta za a yi, ƙanwata. Ko a nan ba sai an zagi kowa ba.

Maman Biyu: Jama'a na dawo. Na tura saƙon kamar yadda Anti ta tsara, ba ta amsa ba, na je jiya bayan la'asar da kunun gyaɗa a fulas. Mama ta fara, na ce bari in leƙa ta. Na same ta kwance, labule a sake, akwatunan a jere a bayan ƙofa an rufa musu zani. Na kau da kaina. Ta sha rabin kofi. Na ce maganar anko ta bar min, ta gyaɗa kai, sai hawaye. Ban ce komai ba, na riƙe hannunta. Ƙanwar ta ce tana ɗan cin abinci da daddare, barcin ne dai sai a hankali. Na ce zan dawo Asabar in tsefe mata kai.

Sai da na sa takalmi ta ce, "Ya yi wa Baban Biyu maganata?" Na ce mata sun haɗu, amma na hana shi gaya min komai, kuma abin da duk ta faɗa min ba zai je kunnensa ba. Ta daɗe tana kallona, ta ce to. Ban sani ba ko daɗi ta ji ko so ta yi in ce yana tambayarta.

'Yar Maraɗi: So ta yi ki ce yana tambayarta. Ni ma na yi irin wannan tambayar. Ranar Asabar za ta sake yi, ta wata hanyar.

Maman Biyu: To in ta ce in tambayo mata fa?

Anti Bazazzagiya: Ki ce mata lambarsa na wayarta, kuma gwaggonta na nan. Ki tafi da man kitso da kibiya, ki bar yaran a gida.